Babur, Wutar Gwamnati ko Sola: Rahoton Kwamitin Ruwa na Lambunmu a Mai Wurno

Gidaje goma sha biyu ne muke noma fadan goma a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da madatsar Sinnar, kusa da garin Mai Wurno a ƙasar Sudan. Albasa da tumatir muke yi da sanyi, kuɓewa da bazara, ga kuma ayaba da lemun tsami a gefen da ya fi kusa da ruwa, waɗanda ba su san hutu ba. Bayan girbin albasa aka ɗora wa mutum huɗu, har da ni a matsayin magatakarda, aikin bincika hanyar da za mu riƙa ɗaga ruwa nan gaba. Wannan shi ne abin da muka samo. Na rubuta shi dalla-dalla ne saboda 'yan uwanmu na wasu ƙauyukan bakin kogi sun nemi su gani kafin su sa kuɗinsu.

Ga wanda ba ɗan nan ba: babur a bakinmu injin ban ruwa ne mai shan gas, wanda muke kira jaz, ba mashin ɗin hawa ba. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ganga kuwa lita 200 ce, ko kusa da haka.

Ma'aunan da muka tsayar

Tun kafin mu tambayi farashin komai muka zauna muka amince da ma'auni biyar, don kada kowa ya zo daga baya yana jan ruwa zuwa fadamarsa. Na farko, ruwa ya iso gona a ranar da shuka ke bukata, musamman Afrilu da Mayu. Na biyu, kuɗin da za a fitar tashin farko. Na uku, abin da hanyar za ta riƙa ci duk shekara. Na huɗu, idan ta lalace, wa zai gyara kuma cikin kwana nawa. Na biyar, idan hankali ya sake tashi, me za mu iya tsira da shi. Mun ce na farkon shi ne ƙofa: duk hanyar da ta kasa shi ta fita, komai arharta, domin ayabar da ta yi kwana goma ba ruwa da zafin Mayu ta riga ta cinye ribar shekara.

Mun kuma yanke cewa ba za mu yi lissafi da jinai, kuɗin ƙasarmu, ba. A Fabrairun 2021 aka karya darajarsa daga 55 zuwa kusan 375 a kan dala ɗaya, a Yunin shekarar aka cire tallafin mai, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 farashin safe daban, na yamma daban. Saboda haka duk wani farashi da aka ba mu, a ranar muke maida shi gangar jaz. Ganga ce kowa a cikinmu ya san nauyinta a aljihu.

Ruwa nawa, daga zurfin nawa

Wannan ne wurin da yawancin masu sayen famfo ke tsallakewa, kuma nan ne asarar take farawa. Da tsananin zafi shukarmu tana shan abin da ya kai milimita 6 zuwa 7 a rana. Amma ruwan yana bin lambatun ƙasa kafin ya isa fangali, ƙasa tana sha, rana tana ɗauka, don haka sai an ɗaga kamar milimita 10. Milimita 10 a kan fadan ɗaya kubik 42 ne, kubik ɗaya kuwa lita dubu. Fadan goma ke nan kubik 420 a rana. Da sanyi bukatar tana sauka zuwa wajen 250.

Tsayin da ruwan ke hawa mun auna shi da igiya da tiyo mai ruwa a ciki. A Disamba, lokacin da tafkin madatsa ke cike, mita 8 ne daga fuskar ruwa zuwa bakin babban lambatu. A Mayu, bayan ruwa ya ja, mita 12. Wato lokacin da gona ta fi ƙishi shi ne lokacin da ruwan ya fi nisa. A kan wannan sai a ƙara abin da ruwa ke asara wajen gugar cikin bututu da lanƙwasa, wanda da bututu mai faɗi ba zai wuce mita 3 ba. Jimla 15.

Lissafin ƙarfin da ake bukata ba shi da wuya: a ninka kubik da mita, a raba da 367, abin da ya fito shi ne kilowat-awa. Namu 420 × 15 ÷ 367, wato kusan 17. Wannan shi ne aikin da ya isa ga ruwan kansa. Famfo ba ya miƙa duk abin da aka ba shi. Irin namu kaɗan ya haura rabi yake miƙawa, don haka inji sai ya ba da wajen 31. Tsohon babur mai bel yana shan kusan sulusin lita a kan kowane ɗaya, sai ya zama lita 11 a rana da bazara, wajen 5 da sanyi. Da muka tara kwana 120 na sanyi, kwana 90 na zafi, da 'yan kwanakin kaka da na fashin ruwan sama, muka samu ganga 9 a shekara.

Littafinmu kuwa ganga 12 ya nuna. Na ji nauyin wannan bambancin ƙwarai, domin an fara kallon yaron da ke kula da babur da wani ido, alhali ba shi da laifin komai. Ɓarawon bututu ne. Namu inci huɗu ne, tsawonsa mita 150, kuma idan aka tura kubik 60 a awa ta cikinsa, gugar kaɗai tana cin wajen mita 6. Da inci shida ne, da kyar za ta kai mita ɗaya. Shekara da shekaru muna biyan kuɗin ɗaga ruwa zuwa wani tudun da ido ba ya gani. Sabon bututun inci shida ya kama kuɗin ganga biyar, zai kuma riƙa rage mana kusan uku a shekara. Wannan mun cire shi daga muhawara: kowace hanya aka bi, a fara da shi. Duk lissafin da ke ƙasa a kan sabon bututun aka yi shi.

Mu ci gaba da babur

Babur ya ci ma'auni na farko, muddin akwai jaz. Yana aiki dare da rana, kuma idan aka yi jinkirin ban ruwa ana iya kwana a kansa a rama. Ya ci na biyu, domin gyaran da yake bukata, zobba da bawul da kan allura, bai kai ganga biyu ba. Na huɗu ma nasa ne ba gardama: makanikin da zai kwance shi ya ɗaura yana nan cikin gari, kayan gyaransa suna kasuwar Sinnar. Nauyinsa kuma kariya ce, ba abin da mutum biyu za su saɓa su gudu da shi ba ne.

Ciwonsa a wuri biyu yake. Ganga tara da baƙin mai da matata, wajen goma ke nan duk shekara, kuma ana biyansu ne kafin a girbe ko kwando ɗaya, wanda shi ke tura wasunmu cin bashin da za a biya da albasa a farashin kaka. Na biyun ya fi muni: samun jaz ɗin kansa. Matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum ta lalace a yaƙin, kuma a 2024 lokacin da faɗa ya iso jiharmu, aka karɓe Jabal Moya da Sinja, hanyoyi sun yanke har wata da watanni. A lokacin ko mai kuɗi a hannu bai samu ba. Wanda aka samu wani sa'in gauraye yake da ruwa ko kananzir. Ana gane shi da farin hayaƙi da tari da injin ke yi, ƙarshensa kuma famfon allura ya mutu.

Wutar gwamnati

A takarda ita ce mafi arha wajen ci na yau da kullum, kuma mota, wato injin lantarkin da ke juya famfo, ba ta da wahalar kula. Amma layin mai waya uku yana da nisan fiye da kilomita ɗaya daga gaɓarmu, ga turaku, ga waya, ga taransifoma, duk a wuyanmu, kuma ƙiyasin da aka yi mana ya haura na sola. Ko da mun biya, wutar ba ta da lokacin zuwa. Da bazara ake fi ɗauke ta, hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashar Marawi da wasu tashoshi a 2025 kuma sun bar yankuna da dama cikin duhu kwana da kwanaki. Idan waya ɗaya cikin ukun ta mutu mota na aiki, tana iya ƙonewa nan take. Ta faɗi a ƙofa, ba mu ɓata lokaci a kanta ba.

Sola ita kaɗai

A nan ne muka fi daɗewa, domin a nan zuciyar matasanmu take, kuma suna da hujja. Rana ba abin da muka rasa ba ne: kowane murabba'in mita a ƙasar nan yana samun wajen kilowat-awa 6 a yini.

Daga allon sola zuwa bakin bututu rabin ƙarfin ne ke isa ga ruwa, saura ya tafi a inbata, wato akwatin da ke juya wutar allo ta dace da mota, da motar kanta da famfo. Don mu sami 17, sai alluna su ba da 34. Allo kuma ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, domin an auna wancan ne a sanyin digiri 25, alhali da azahar ɗin Afrilu fuskar allo tana haura digiri 60, kowane digiri kuma yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Idan aka haɗa da ƙura da asarar waya da sa'o'in da rana ba ta da ƙarfi, kilowat ɗaya na allo ba zai ba mu fiye da 4 da ɗan ɗoriya a yini ba. Saboda haka muna bukatar allo 15 masu wat 550, wato kilowat 8 da kwata, da mota mai ƙarfin doki bakwai da rabi. 'Yan kasuwa uku muka tambaya. Farashinsu na alluna da inbata da mota da famfo da ƙarafa da aikin ɗaurawa ya faɗa tsakanin ganga 24 da 31, na tsakiyar da muka fi gamsuwa da kayansa 26.

Wannan girman ya isa bukatar Mayu cif, ba rara. Akwai kuma wani hali na famfo mai fanka da mai sayarwa ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Idan rana ta yi rauni inbata tana rage gudun mota, tsayin da famfo ke iya tura ruwa kuwa yana faɗuwa da sauri fiye da gudun: idan gudu ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, tsayin ya ragu da kashi 36. Famfon da iyakarsa mita 20 ce da cikakken gudu sai ya dawo ƙasa da 13, wato da kyar ya kai bakin gaɓarmu a Mayu. Mutum zai ji mota na kuka, ya ɗora hannu ya ji bututu na rawa, amma ko ɗigo ba ya fita. Shi ya sa ruwa ba zai fara zuwa sosai ba sai hantsi ya dubi ludayi, ya kuma ja baya kafin la'asar sakaliya. Sa'a shida zuwa bakwai ke nan na gaske. Ranar da guguwar ƙura ta taso, ko hadari ya rufe sama ba tare da ya zubar ba, kamar yadda yake yi a Yuni, rabin wannan ma sai an yi sa'a.

An kawo shawarar a ƙara alluna a sa batura. Ajiyar wutar da za ta juya mota irin tamu sa'o'i kaɗan da dare kusan wani kuɗin sola ne na biyu, zafinmu kuma yana gajarta ran batir. Manomi ruwa yake ajiyewa, ba wuta ba. Idan hali ya yi nan gaba, haƙa ƙaramin hafir, wato tafkin ajiye ruwa, a saman gona mai ɗaukar kubik 200 ya fi kowane batir.

A ma'auni na uku sola ba ta da abokin takara. A na huɗu tana da rauni: mota da famfo ana gyara su a nan, amma idan inbata ta ƙone sai an aiko da wata, wanda ke iya ɗaukar mako biyu. A na biyar ita ce mafi rauni duka. Allo ɗaya bai kai kilo 30 ba, ana kwance shi cikin minti kaɗan, kuma kasuwarsa a buɗe take ko'ina. Duk wanda ya koma gida bayan gudun hijira a jihar Jazira ko nan Sinnar ya ji labarin rijiyoyi da asibitocin da aka tarar an kwashe musu alluna.

Abin da muke ba da shawara: sola da rana, babur a gefe

Ranar da muka kai rahoton farko, wasu suka ce a sayar da babur a cika kuɗin sola. Dattijonmu, wanda ya riƙe injin nan tun kafin a haifi wasunmu, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ranar da akwatin nan naku ya mutu ana tsakiyar Mayu, wa za ka kira?" Na ce, "Baffa, sai dai mu jira saƙo." Ya ce, "To ayaba ba ta jiran saƙo. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari." A kan wannan kwamiti ya tsaya, kuma lissafi ya goyi bayansa.

Shawararmu ita ce a yi abu uku bi da bi. A sauya bututu. A yi wa babur gyaran da ya dace a bar shi a mazauninsa, a haɗa shi da sabon bututun ta reshe mai makulli. Sannan a ɗaura solar allo 15, ba tare da batir ba. Jimlar kuɗin tashin farko ganga 33 ne: 5 da 2 da 26.

Muna sa ran sola za ta ɗauke ganga bakwai cikin tara, da mafi yawan baƙin mai da matata, a ce takwas. Daga ciki a cire ladan mai gadi, wajen ɗaya. Abin da ya rage bakwai a shekara, don haka ganga 26 za su dawo cikin shekara huɗu ba kaɗan. Mai sayarwa ya ce mana shekara biyu. Ba mu karɓi wannan ba, domin nasa lissafin ba gadi a ciki, ba ƙura, ya kuma ɗauka duk kwanakin shekara ana ban ruwa. Alluna masu kyau suna haura shekara ashirin suna aiki, inbata da famfo kuwa a sa ran sauya su sau ɗaya ko biyu a wannan tsakanin, don haka kowane gida zai ci gaba da zuba wani abu a asusu bayan kowane girbi, ko da rabin abin da yake bayarwa na jaz ne.

Haɗarin da muke gani

Sata da rashin tsaro su ne na gaba, kuma ba mu da maganin da ya gama da su. Akwai masu walda alluna a jikin ƙarfe. Mu mun zaɓi akasin haka: kusoshi masu kai na musamman waɗanda mabuɗinsu ke hannun mutum biyu, da mai gadi mai kwana a wurin, ta yadda idan labari ya ɓaci za mu iya kwance duka goma sha biyar cikin yini guda mu ɗora a keken jaki. Idan kuwa abin ya zo ba zato, ganga 26 sun tafi. Kowane maigida ya san wannan kafin ya sa hannu.

Na biyu jabun kaya. Akwai allunan da ake liƙa wa takardar wat 550 alhali ba su kai ba. Na gaske tsawonsa ya kusa mita biyu da kwata, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Wanda ya gaza haka a bayyane, ƙarya takardarsa take yi. Za mu je da awo da mai aikin lantarki namu, a gwada kowane allo a rana tsaka, kuma ba za a biya kason ƙarshe ba sai an ga ruwa: a cika ganga mai lita 200 a bakin bututu da azahar, idan ta wuce daƙiƙa 12 ba ta cika ba, famfon bai kai kubik 60 a awa ba.

Na uku kogin kansa. Famfon da ke zaune a gaɓa ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 6 ko 7, don haka dole ya bi ruwa idan ya ja, ya gudu idan ya cika. Za mu ɗora shi a kan gado mai ganguna da zai riƙa hawa da sauka da ruwan. Tun da Habasha ta fara cika madatsarta a 2020, hawa da saukar ruwan ba ya bin tsohon lissafin da iyayenmu suka sani sau da ƙafa, saboda haka a bar wa waya da tiyo rara, a kuma kunna kariyar inbata da ke tsayar da mota idan bakin tsotso ya fita daga ruwa. Laka da yashin Agusta da Satumba suna cin fanka. Alamar ita ce ruwa ya ragu alhali alluna a goge suke kuma rana na da ƙarfi. A sayi fanka ta biyu tun yanzu a ajiye.

Na ƙarshe daga cikinmu yake, kuma ni shi na fi tsoro. Mun saba ban ruwa da asuba da yamma, kowa da sa'o'insa gwargwadon jaz ɗin da ya kawo. Yanzu ruwa zai zo da rana tsaka, kuma sa'ar ƙarfe tara ba daidai take da ta sha biyu ba, don haka idan aka raba da agogo kamar da, mai safe zai cutu. Mun tsara a riƙa juyawa: wanda ya sha hantsi wannan zagayen, azahar tasa ce a na gaba. Sannan tunda ba mai jin zafin jaz, za a so a bar famfo ya yi ta zuba. Baƙar lakarmu ba ta tsane ruwa da wuri, albasar da ta kwana cikin ruwa kuma ganyenta ya yi rawaya, gindinta ya ruɓe. Mabuɗin inbata zai zauna a hannun mutum ɗaya, shi ne kuma zai riƙa goge alluna da sassafe duk kwana uku kafin su yi zafi.

Farashin da aka ba mu ba ya wuce kwana uku. Idan taro ya amince, a tara kuɗin bututu a wannan makon, na sola kuma a yi cinikinsa a ranar da kuɗin ya cika hannu. Idan a ranar ya haura ganga 35, kwamiti yana ganin a tsaya a kan bututu da gyaran babur, a sake tambaya bayan girbin tumatir.